Kafin A Zuba Jari, A Tambayi Naƙasasshe Yadda Ya Yi Jiya

Duk shekara, musamman idan azumi ya gabato ko kuwa lokacin zaɓe ya matso, akan ga manyan attajirai da ƙungiyoyi sun jera kekunan guragu a fili suna rabawa. Yawancin kekunan nan irin na asibiti ne, masu ƙananan tayoyi biyu a gaba, waɗanda aka ƙera domin a tura majinyaci a kan daɓen siminti mai santsi. Da zarar an kai irin wannan keke unguwar da lungunanta yashi ne da kwata, sai ƙananan tayoyin su nutse, ba a daɗe ba kuma boris ɗinsu ya ci ƙasa ya lalace, a nemi madadinsa a kasuwa a rasa. Daga nan sai a jingine keken a zaure. An kashe kuɗi da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi mai hawan ko ina yake zuwa, ko ta wace hanya yake bi.

Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, ɗan kasuwa ya fi mai kyauta dalilin yin wannan tambaya, domin mai kyauta ba ya asara idan aka jingine kayansa, shi kuwa ɗan kasuwa jarinsa ne zai narke. Saboda haka idan 'yan kasuwarmu suka fara kallon naƙasassu, waɗanda a yau ake kira masu buƙata ta musamman, a matsayin masu ciniki da ke da kukansu da zaɓinsu, za a samu kayan da suka fi amfani fiye da waɗanda sadaka kaɗai take kawowa.

Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa kimanin kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna fama da naƙasa mai tsanani. A nan Arewa akwai ƙarin dalili. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Nijeriya a watan Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu kafin wannan lokaci suna nan, da yawansu yanzu magidanta ne da matan aure, wasu 'yan tireda, wasu teloli, wasu masu gyaran waya. Kuɗi yana ratsa hannunsu kullum, kuma wani kaso na kuɗin yana tafiya ne wajen biyan wasu su yi musu abin da kayan aiki mai sauƙi zai ba su damar yi da kansu. Wannan kason shi ya kamata ɗan kasuwa ya nemo.

Yadda ake tambayar shi ne rabin aikin. Idan ka tara mutane a zaure ka ce musu, "Me kuke buƙata?" amsar da za ka samu ita ce jari, da keke, da abinci, domin sun saba cewa mai irin wannan tambaya rabo ya zo yi, kuma kowa zai faɗi abin da ya san ana bayarwa. Abin da ya fi shi ne a zauna da mutum shi kaɗai, a gaya masa tun farko cewa ba rabo ake yi ba, sana'a ake son kafawa, sa'an nan a roƙe shi ya ba da labarin jiya, tun daga kiran sallar asuba har ya kwanta. Yaya ya sauka daga shimfiɗa? Wa ya kawo masa ruwan alwala? Ta yaya ya isa bakin titi? A duk inda ya ce "sai na jira wane," ko "sai na ba yaro wani abu," ko "wannan kam na daina yi," to, a dakata a nan, a tambayi sau nawa hakan ke faruwa a mako, nawa yake kashewa a kai, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fita. Wahalar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba ta riƙe shago. Wadda ke zuwa kullum, kuma an riga ana biyan kuɗi a kanta ko da kaɗan ne, ita ce ke iya zama sana'a.

Ba a shiga irin wannan aiki ta katanga. Garuruwanmu da yawa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, akwai kuma rassan haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa a jihohi, kuma ta hannunsu ne ake samun amincewa. Sai dai kada a tsaya a kan shugabanni kawai, domin wanda ke iya zuwa taro ya riga ya fi wanda ke kwance a ɗaki sauƙi. Mata kuwa mace ce za ta tambaye su, a cikin gida. Kurma a nemo masa mai fassara maganar hannu wanda ya yarda da shi. Haka nan a saurari mai jinya, wato uwa ko mata ko ƙane, amma a wani zama dabam, saboda akwai abin da naƙasasshe ba zai faɗa a gaban wanda ke ɗawainiya da shi ba, akwai kuma gajiyar da mai ɗawainiya ba zai furta a gabansa ba. Mutum ashirin zuwa talatin masu naƙasa iri ɗaya sun isa a fara ganin abin da ke maimaita kansa.

Ga wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, akwai wani aiki na kullum da ba ya fitowa a taro ko kaɗan saboda kunya, alhali yana cikin mafi tsanani, wato kewayawa bayan gida. Mu ɗauki wannan mu bi shi dalla-dalla, domin a ga yadda tambaya take zama kaya, kaya kuma ya zama ciniki.

Yawancin gidajen talakawa masai ne na tsuguno, ko na rami ko na tangaran da aka shafe da ƙasa. Tsuguno yana buƙatar gwiwa da cinya masu ƙarfi. Wanda ke rarrafe dole ya dafa hannuwansa a kan jiƙaƙƙen daɓe, hannuwan da zai ci abinci da su, ya kuma ja tufafin da zai yi salla da su a kai. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai an riƙe shi. Wasu sukan koma amfani da fo a ɗaki, su jira mai zubarwa. Wasu kuma sukan rage cin abinci da shan ruwa da rana don kada buƙata ta kama su a kasuwa, abin da ke jawo taurin ciki da ciwon mafitsara. Maganin da aka sani, wanda masana harkar ruwa da tsafta suka daɗe suna bayaninsa, shi ne kujera mai huda a tsakiya wadda ake ɗorawa a kan ramin. Akwai ta ƙasar waje a manyan shagunan magani, amma tana da tsada, kuma an yi ta ne da ɗan bokiti a ƙasa domin ɗakin majinyaci. Duk mai walda da ke iya haɗa kujerar makaranta zai iya ƙera wadda ta dace da masanmu, in dai ya san abin da zai kiyaye.

Abu na farko shi ne tsayi, kuma a nan ne wanda bai yi tambaya ba zai fara asara. Mai keke yana son kujerar ta yi daidai da mazaunin kekensa, kimanin santimita 45 zuwa 48 daga ƙasa, domin ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da an ɗaga shi ba, kuma dole hannun kujerar na gefe ɗaya ya zama mai cirewa, in ba haka ba zai tare masa hanya. Tsoho mai ciwon gwiwa da wanda ɓarin jikinsa ya shanye su ma wannan tsayin ya yi musu, amma su hannuwa biyu masu ƙarfi suke buƙata domin dafawa su miƙe. Shi kuwa mai rarrafe, kujerar santimita 45 a wurinsa katanga ce. Abin da zai iya hawa da ƙarfin damtsensa ƙaramar kujera ce, wadda ba ta wuce kamu ɗaya ba ko ɗan fiye, tare da madafa a gefe don kada tafin hannunsa ya taɓa ƙasa. Ashe kaya iri uku ne a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma sai an je gidan an auna mutum, an auna faɗin ƙofa da wurin da ramin yake daga bango, kafin a yanka ƙarfe.

Abu na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin mazauni da bakin rami. Idan aka bar ta a buɗe, ƙazanta za ta ɓata gefen ramin, sauran mutanen gida su yi ƙorafi, cikin mako guda a fitar da kujerar waje. Maganinsa mai arha ne: a yanke gindin bokitin roba a maƙala shi a ƙarƙashin mazaunin kamar mazurari, yadda za a iya cire shi a wanke. A gidan haya kuwa, inda magidanta da yawa ke tarayya a masai ɗaya, dole kujerar ta zama marar nauyi, wadda yaro zai iya ɗauka ya shigar ya fitar.

Sai kuma tsatsa da daɓe. Fitsari da ruwan buta suna cin ƙarfe daga ƙasa, saboda haka ƙafafun ne ke fara ruɓewa, sau da yawa daga cikin bututun, inda ido ba ya gani. A toshe bakin kowace ƙafa, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fenti na sama, a sa takalmin roba don kada ta zame. Alamar da ke nuna kujera ta kusa karyewa ita ce fenti ya fara kumbura a gindin ƙafa, ko ta fara girgiza idan an dafa hannunta. Haɗarin da ya fi wannan shi ne masan da aka rufe da itace da ƙasa. Nauyin mutum idan ya taru a kan ƙafafu huɗu masu ƙananan baki yana iya huda irin wannan rufi, musamman da damina bayan gara ta ci itacen. A irin wannan gida a haɗa ƙafafun biyu-biyu da faffaɗan ƙarfe a ƙasa domin nauyin ya bazu, in kuwa rufin yana motsi idan an taka, to, a ƙi cinikin har sai an zuba siminti. Kujera ɗaya da ta rufta da mutum ta isa ta kashe sana'ar a garin baki ɗaya.

Yanzu ga lissafi. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai domin a ga yadda ake auna abin, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu na ranar. Babbar kujera tana cin ƙafafu huɗu na santimita 45, wato 180. Zagayen mazauni shi ma 180. Hannuwa biyu na santimita 85 kowane, wato 170. Da tokare uku na santimita 45, wato 135. Jimla santimita 665. Idan tsawon bututu ɗaya mita shida ne, kujera ɗaya ta fi ƙarfin bututu guda, kuma wanda ya ƙera ɗaya tak zai sayi biyu ya bar saura a ƙasa. Amma kujera goma bututu goma sha biyu ya ishe su har da ɓarnar yanka. Wannan shi ya sa ya kamata a tara masu so a yi aikin rukuni-rukuni.

Mu ƙaddara ƙarfe da katakon mazauni da bokiti sun ci Naira 15,000, ladan mai walda 4,000, fenti da takalman roba 2,000, zuwa awo da kai kaya 2,000. Kujera ta tsaya a kan 23,000. A sayar da ita 28,000, riba 5,000. Mai gyaran wayar da ke rarrafe da wuya ya iya zaro 28,000 a rana ɗaya. Amma idan tambayar da aka yi masa ta nuna cewa yana ba yaro Naira 200 kullum don zubar da fo da wanke shi, to, yana kashe 1,400 a mako tun kafin ka zo. Ka karɓi 8,000 a hannu, sauran 20,000 ya riƙa biyan 1,000 duk mako har mako ashirin. Abin da zai riƙa ba ka bai kai abin da yake ba yaro ba, kuma bayan wata biyar ya huta da duka biyun. Wannan ita ce hujjar ciniki, kuma daga bakinsa aka samo ta.

Inda ake tuntuɓe shi ne bashi. Idan cikin mutum goma ɗaya ya tsaya bayan kuɗin farko, ka yi asarar 15,000 a kansa, wato ribar kujera uku, sai ribar rukunin ta sauko daga 50,000 zuwa 30,000. Idan uku suka tsaya, ribar bakwai 35,000 ce, asarar uku 45,000, ka shiga cikin uwar kuɗi ke nan. Kuma wannan ba kayan da za ka je ka ƙwato ka sayar wa wani ba ne. Babu mai saye, kuma kunyar ƙwacewar ta fi kuɗin. Don haka ya fi kyau a bi ta adashin ƙungiyoyinsu, wanda ya kwasa a wannan mako a ƙera masa, ko kuwa ƙungiya ta tsaya wa ɗanta. Wata hanyar kuma ita ce a tuna cewa mai amfani da kaya ba lalle ne shi ne mai biya ba. Ɗan da ke aiki a Abuja ko Legas, wanda mahaifiyarsa ta daina iya tsuguno a ƙauye, zai biya kuɗin nan take, har ya yi godiya. Su irin waɗannan masu saye, da masu karaya, da mata masu tsohon ciki, su ne za su riƙe shagon har ya iya ɗaukar nauyin masu biya kaɗan-kaɗan. Saboda su ne ma bai kamata a rubuta "kujerar guragu" a allon shago ba. Dattijon da ke girmama kansa ba zai aika a sayo masa abu mai wannan suna ba, ko da kuwa yana matuƙar buƙatarsa.

Akwai masu ganin cewa cin riba a kan naƙasasshe rashin tausayi ne, abin da ya dace shi ne a ba shi kyauta. Ba mu raina wannan magana ba, domin akwai waɗanda ko Naira 1,000 a mako ba za su iya ba, kuma haƙƙinsu yana kan masu zakka da gwamnati. Amma mai zakka ma yana buƙatar wurin da zai sayi kayan kirki. Idan babu shagon da ke rayuwa da wannan aiki, babu mai zuwa awo, babu mai gyara idan ƙafa ta ruɓe, sai a koma gidan jiya, a sayo abin da aka samu a raba. Wanda ya biya kuɗinsa kuwa yana da bakin dawo da kaya ya ce ba su yi ba, kuma wannan ƙorafin nasa shi ke gyara kujera ta gaba. Wanda aka ba kyauta godiya kawai zai yi, ko da kayan sun cuce shi.

Ba kuma sabon abu ba ne naƙasassu su ƙera wa kansu kaya. A Kano ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa ta daɗe tana ƙera kekuna masu taya uku da ake tuƙawa da hannu, haka nan a Jos akwai cibiyar da Ayuba Gufwan ya jagoranci kafawa, wadda ta ƙera dubban irin waɗannan kekuna. An yi su ne da tayoyi da sarƙar keke na yau da kullum, shi ya sa duk mai faci na bakin titi zai iya taɓa su. Mai jarin da ke da hankali zai nemi irin waɗannan maƙera ya yi tarayya da su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai awon da shi ma a keke ya zo, an fi sakin jiki da shi a gaya masa gaskiya.

Doka ma ta buɗe wata ƙofa, ko da yake ba mu ba kowa shawarar ya gina jarinsa a kanta ita kaɗai ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Duk mai zagaya garuruwanmu ya san cewa aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Duk da haka masu gidajen wanka da bahaya na kasuwanni da tashoshin mota suna da dalilin kansu na duba lamarin, domin mai keke da ke wuni a kasuwa mai ciniki ne na kullum idan ya samu ɗaki ɗaya da zai iya shiga. Abin da ɗakin ke buƙata shi ne ƙofa mai faɗin santimita 90 da ke buɗewa waje, da fili na mita ɗaya da rabi inda keke zai juya, da madafa a bango, da gangara a maimakon matakala. Ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi goma sha biyu na tsawo, wato dandamalin santimita 30 yana son gangara ta mita 3.6. Yawancin gangarorin da magina ke yi a ƙofar shaguna da ofisoshi ba su kai rabin wannan ba, shi ya sa za ka ga mai keke a gindinsu yana jiran mai turawa. Maginin da ya iya wannan awo yana da abin sayarwa da abokan sana'arsa ba su da shi.

Akwai iyakar da mai walda bai kamata ya ƙetare ba. Wanda ya samu rauni a laka, ba ya jin taɓi daga ƙugu zuwa ƙasa, ba ya sanin lokacin da mazauni mai tauri ko kaifin katako ke cin fatarsa, kuma mikin da ke fitowa daga irin wannan zama yana iya zurfi har ƙashi, yana kuma kisa. Haka yaron da aka haifa da lalurar da ta hana shi riƙe wuyansa ko zama da kansa. Irin waɗannan sai da shawarar ma'aikatan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa, su faɗi irin mazauni da majinginin da ya dace, mai walda ya bi. Alamar da za a koya wa iyali su duba ita ce tabo a fatar mazaunai, ja ko mai duhu fiye da kewayensa, wanda bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi daga wurin. In an ga haka a dakatar da amfani da kujerar a tafi asibiti.

Ga wanda ke son gwadawa, kada ya fara da hayar shago. Ya ƙera kujera biyar, ya kai gidaje biyar da ya riga ya yi wa awo, ya karɓi kuɗin farko ko da kaɗan ne, domin abin da aka karɓa kyauta ba ya nuna ko ana so. Bayan mako biyu ya koma ba tare da ya aika ba, ya roƙi izinin ganin inda kujerar take. In ya same ta a cikin masai, ƙafafunta a jiƙe, to, ana amfani da ita, sai ya tambayi abin da za a gyara. In kuwa ya same ta a tsakar gida an kife tukunya a kanta, to, ko tsayin ne bai yi ba, ko ƙofar ta hana ta shiga, ko maƙwabta sun ƙi, kuma sai ya gano wanne ne cikin ukun kafin ya sayi bututu goma sha biyu.